Jimla Mai Harshen Damo: Yadda Ake Gane Yankin Maganar da Ya Ɓace wa Mai Shi

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ga mu a filinmu na gyaran harshe da rubutu. Ɗalibai, malamai, sakatarorin ƙungiyoyi, 'yan jarida, da duk wanda yakan ɗauki biro ko waya ya rubuta saƙon da wani zai yi aiki da shi, a matso kusa da rediyo. Wanda ke da takarda a kusa ya jawo ta, don akwai jimlolin da za mu rubuta tare.

Zan fara da wata sanarwa da na taɓa karantawa da bakina a gidan rediyo, a farkon wata damina. Wata ƙungiyar manoma ce ta aiko da ita. Ga yadda take, ku saurara da kyau:

"Shugaban ƙungiya ya sanar cewa za a raba taki ga manoman da suka yi rajista ranar Litinin a makarantar firamare. Bayan biyan kuɗi, buhunan za su fita."

Na san da yawanku kun ce a ranku, to mene ne aibin wannan? Hausa ce tsaf, babu kalmar da ta karye, babu harafin da ya faɗi. Ni ma haka na gani a lokacin. Na karanta ta sau uku a rana ɗaya ban ji wani abu ya tsaya mini a wuya ba.

Bayan mako guda wani dattijo ya zo har ƙofar tasharmu. Ya jingine kekensa a gindin bishiyar darbejiya, ya ciro wata 'yar takardar rajista daga aljihun gaban rigarsa, an ninke ta huɗu, gumi ya ɗan jiƙa gefenta. Ya nuna mini kwanan watan da ke jiki, ya ce: "Malam, ni ranar Alhamis na yi rajista. Da na ji kun ce na waɗanda suka yi ranar Litinin ne, sai na haƙura na zauna a gida. Yanzu kuma an ce mini da ni a ciki, an raba an gama." Masararsa tana jiran taki, rabonsa kuma ya wuce shi saboda kalmomi biyu da suka zauna a inda bai kamata ba. Tun daga ranar ban sake karanta sanarwa ba sai na yi mata tambayoyin da zan koya muku yau.

Masana nahawun Hausa suna kiran irin wannan jimla da suna mai harshen damo, saboda harshen damo a rabe yake gida biyu. Jimla ɗaya ce, amma tana faɗin magana biyu ko uku. Hanyoyin da jimla ke zama haka suna da yawa. Yau biyu kawai za mu ɗauka, kuma dukansu suna cikin sanarwar da kuka ji.

Na farko shi ne yankin jimlar da ya sauka a masaukin da ba nasa ba. Mai shi yana nan cikin jimlar, amma an ajiye yankin nesa da shi, kusa da wani. Na biyu shi ne yankin da zan kira maraya a wannan shiri: yana ba da labarin wani aiki, amma wanda ya yi aikin ba ya cikin jimlar ko kaɗan, ko kuma yana ciki amma wani ya tare masa gaba.

Kafin mu shiga cikinsu, ya kamata mu san dalilin da ya sa ido ba ya kama su a karatun farko. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A rubutu kuwa abin juyawa yake yi: mai jimla shi ne na ƙarshen ganin yoyonta. Sakataren da ya rubuta sanarwar nan ya san ranar Litinin za a yi rabo. Da ya sake karanta abin da ya rubuta, ba takardar ya karanta ba, abin da ke cikin kansa ya karanta. Mai sauraro kuma ba ya tsayawa ya lissafa ma'anoni. Ma'anar da ta fara zuwa masa ita yake ɗauka ya wuce, bai ma san akwai wata ba. Ga kuma dalili na uku. Idan muna magana baki da baki, ɗan tsayawar numfashi da hawa da saukar murya suna nuna wace kalma ke tafiya da wace. Rubutu ba ya ɗaukar murya. Abin da ya rage masa shi ne jerin kalmomi, saboda haka jerin ne zai ɗauki nauyin duka.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mu ɗauki na farko, yankin da ya yi ɓatan masauki. A rubuta wannan jimla:

"An kama ɓarawon da ya saci shanu a Funtuwa."

Tambaya: me ya faru a Funtuwa? Satar ce, ko kamun? Ku lura, akwai aikatau biyu a jimlar, wato kalmomin aiki biyu: kama da sata. Yankin nan, "a Funtuwa", bayanau ne na wuri, kuma yana iya manne wa kowanne daga cikinsu. Kunne yakan manna shi ga wanda ya fi kusa, wato sata. Amma sau da yawa mai rubuta labari kamun yake nufi. Idan ɗan sanda ya kama mutum a Funtuwa, shanun kuwa a Bakori aka sace su, to jimlar nan ta ɗora wa Funtuwa satar da ba a yi a cikinta ba.

Hausa ta ba mu maganin wannan a sauƙaƙe. Muna iya ɗauko yanki mu kai shi farkon jimla don mu ƙarfafa shi. Idan kamun ake nufi, sai a ce: "A Funtuwa aka kama ɓarawon da ya saci shanu." Kun ji yadda "an kama" ta koma "aka kama". Wannan sauyin shi ne alamar cewa wurin ya ɗaure da kamun, ba zai iya zamewa ya koma kan satar ba. Idan kuwa satar ake nufi, sai a raba maganar biyu: "Wani ya saci shanu a Funtuwa. Yanzu an kama shi."

Daga nan za mu fitar da gwajin farko, kuma shi ne mafi amfani cikin abin da zan faɗa yau. Duk inda ka ga lokaci ko wuri a ƙarshen jimla, tsaya ka ƙirga aikatau nawa ne suka gabace shi. Idan ɗaya ne, wuce abinka. Idan biyu ne ko fiye, ɗauki lokacin ko wurin ka gwada shi da kowane aikatau ɗaya bayan ɗaya. Idan ya zauna daram da fiye da ɗaya, jimlarka tana da harshen damo.

Mu gwada da maganar asibiti, inda kuskure ke da tsada: "Likita ya ce a ba yaron maganin da aka saya bayan ya ci abinci." Aikatau uku ne kafin yankin ƙarshe: ce, ba, saya. Shin likita ne ya yi maganar bayan ya ci abincinsa? Ko an sayi maganin bayan yaro ya ci abinci? Ko kuwa sai yaro ya ci abinci za a ba shi? Mai hankali zai zaɓi ta uku, gaskiya ne. Amma akwai magungunan da ake sha kafin abinci, akwai waɗanda ake sha bayansa, bai kamata a bar uwar yaro da canki-canki ba. A rubuta: "Likita ya ce sai yaron ya ci abinci, sannan a ba shi maganin."

Ba lokaci da wuri kaɗai ke ɓatan masauki ba. Sifa ma tana yi, musamman wadda ke farawa da "mai" ko "masu". Na tabbata kun taɓa ganin allon shago da aka rubuta: "Ana sayar da takalman maza masu kyau." Su wa ke da kyan, takalman ko mazan? Abin da ya jawo haka shi ne sunaye biyu sun haɗu da ɗafi, takalma da maza, dukansu jam'i ne, "masu" kuma ta dace da kowanne. A allon shago ba a yi asarar komai ba. Amma sa irin wannan gini a takardar yarjejeniya: "Na sayar masa da gonar ƙanena da ke Bichi." Gonar ce ke Bichi, ko ƙanen ne ke zaune a can? Idan ƙanen yana da gona biyu, ɗaya a Bichi ɗaya a Dambatta, wannan jimla kaɗai ta isa ta kai 'yan'uwa gaban alƙali.

A nan ma Hausa tana da makami, wato jinsi. "Da ke" ba ta nuna namiji ko mace. Amma "wanda" da "wadda" suna nunawa. Gona mace ce a nahawu, ƙane namiji. Ka ce "gonar ƙanena wadda take Bichi", magana ta ƙare, gonar ce. Ka ce "gonar ƙanena wanda yake Bichi", ƙanen ne. Saboda haka idan sunaye biyu suka jeru, kada ka gajarta da "da ke". Fito da "wanda", "wadda" ko "waɗanda". Idan kuma sunayen jinsinsu ɗaya, kamar "gidan ƙanena", to jinsi ba zai cece ka ba, sai ka sake gini: "Ƙanena yana da gida a Bichi. Shi na sayar masa."

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma da nake so ku sa wa ido, ita ce "kawai". Ita takan taƙaita abin da ta biyo baya ne. Ku saurari bambancin. "Audu ne kawai ya ranci dubu goma": babu wanda ya ranta sai shi. "Audu ya ranci dubu goma kawai": bai ranci fiye da haka ba. "Rantar dubu goma kawai Audu ya yi" kuwa tana iya nufin rance ne, ba kyauta ba, tana kuma iya nufin adadin. A takardar bashi, ajiye "kawai" dab da bayan kalmar da kake son taƙaitawa, kada ka bar ta tana yawo.

(Kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan jimlolin da suke da lafiya a ido amma suna ɗauke da ma'ana biyu. Mun gama da yankin da ya yi ɓatan masauki. Yanzu sai maraya, kuma shi ya fi wuyar ganewa.

Ku fara lura da wata baiwa da Hausa take da ita. Idan na ce, "Na ga Audu ina tafiya kasuwa," kun san ni ke tafiya. Idan na ce, "Na ga Audu yana tafiya kasuwa," kun san shi ne. Waɗannan ƙananan kalmomi da ke zuwa gaban aikatau, ina, yana, tana, suna, ya, ta, suka, kowacce tana ɗauke da hoton mai aikin: mutum nawa ne, wasunsu har suna nuna namiji ne ko mace. Turanci ba shi da wannan gata a irin wannan gini, shi ya sa matsalar ta yi suna a nahawunsa, kuma ɗalibanmu masu shirin jarrabawar kammala sakandare suke haɗuwa da ita a darasin Turanci. Amma kada mu ɗauka Hausa ta tsira. Tana da ƙofar da maraya ke shigowa, ƙofar kuwa ita ce inda muka jefar da waɗannan ƙananan kalmomi muka yi amfani da sunan aiki tsurarsa: bayan kammalawa, kafin fita, don samun, wajen gyara, ba tare da sanarwa ba. Sunan aiki yana faɗin aikin, amma ba ya faɗin wanda ya yi.

Ga misalin da nake yawan gani a tarihin rayuwar mutane da ake karantawa wajen walima ko bikin naɗi:

"Bayan kammala karatunsa a Zariya, mahaifinsa ya yi masa aure."

Wa ya kammala karatu? Idan aka buɗe jimla da irin wannan yanki, kunne yana jiran mai aikin, kuma sunan farko da ya biyo bayan waƙafi shi yake miƙa wa aikin. Sunan farko a nan shi ne mahaifi. A tsarin jimlar, uban ne ya je Zariya ya yi karatu, ya dawo ya yi wa ɗansa aure. Mai rubutu kuwa ɗan yake nufi. Yanzu ku sauya ɗan ya zama 'ya: "Bayan kammala karatunta a Zariya, mahaifinta ya yi mata aure." Nan babu ruɗani, domin "karatunta" ba zai koma kan uba ba. Kun ga ashe jimlar farko ba ta da kariya sai sa'ar jinsi, kuma idan mutanen biyu duk maza ne ko duk mata, sa'ar ta ƙare. Gyaran shi ne a mayar wa yankin da mai shi: "Bayan Bala ya kammala karatu a Zariya, mahaifinsa ya yi masa aure."

Haka "a matsayinsa na" take yi. "A matsayinsa na babban ɗa, marigayin ya bar masa riƙon gidan." Wane ne babban ɗan? Marigayin ne babban ɗa a gidansu, shi ya sa yake da ikon bayarwa? Ko wanda aka bar wa ne? A maganar gado wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. A ce: "Da yake Sani ne babban ɗa, marigayin ya bar masa riƙon gidan."

Akwai kuma maraya na gaske, wanda mai shi ba ya cikin jimlar sam. An fi samunsa a rahoton taro da na kuɗi:

"Bayan ƙirga kuɗin sau biyu, dubu hamsin ta ɓace."

Dubu hamsin ba ta ƙirga kanta ba. Wani ne ya ƙirga: ma'aji ne, ko sakatare, ko su biyun a gaban shugaba? Jimlar ta haɗiye shi. Ta kuma bar wata tambayar a buɗe: an ƙirga ne aka tarar babu dubu hamsin, ko kuwa an ƙirga sun cika, daga baya suka ɓace? Waɗannan labarai biyu ne daban, kuma kowanne yana nuna yatsa ga mutum daban. Wani lokaci gaggawa ce ke haifar da irin wannan jimla. Wani lokaci kuwa mai rubutu ne ba ya son a ambaci suna. Ko wanne ne, mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya. Rahoto na gaskiya zai ce: "Ma'aji da sakatare sun ƙirga kuɗin sau biyu, suka tarar babu dubu hamsin."

Gwaji na biyu ke nan. Idan jimla ta buɗe da bayan, kafin, don, wajen, garin, ko ba tare da, sannan sunan aiki ya biyo, tsaya a kan waƙafi ka tambaya da ƙarfi: wa ya yi? Sai ka duba sunan farko da ya zo bayan waƙafin. Idan shi ne amsar, lafiya lau. Idan ba shi ba ne, duba ko akwai abin da ya hana a ɗauka shi ne. Idan babu, ko kuma amsar ba ta cikin jimlar gaba ɗaya, ka kama maraya.

A nan dole in ja hankalinku, kada gyara ya zama ɓarna. Ba duk jimlar da ta fara da irin wannan yanki ce ke da laifi ba. "Bayan faɗuwar rana, mota ta tashi": yankin yana ɗauke da mai aikinsa, rana ce ta faɗi. "Bayan sallar La'asar za a ɗaura aure": wannan lokaci ne kowa ya sani, ba a tambayar wa ya yi sallar. "A taƙaice", "bisa al'ada", "a gaskiya": waɗannan muryar mai magana ce, ba sa neman mai aiki. Har ma jimla irin "Garin tsallaka titi mota ta buge shi" Hausa ce lafiyayya, haka muke faɗa, kuma babu wanda zai ɗauka motar ce ke tsallakawa, ga kuma "shi" yana nuna mutumin. Ma'aunin dai ɗaya ne: shin mutum mai hankali, wanda bai san labarin ba, zai iya ɗaukar wata ma'ana ta biyu har ya yi aiki da ita? Idan zai iya, a gyara. Idan ba zai iya ba, a bar Hausa yadda masu ita suke yin ta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu koma kan sanarwar takin nan, mu yi mata aiki daki-daki kamar yadda ya kamata a yi tun farko. Ga jimlar farko kuma: "Shugaban ƙungiya ya sanar cewa za a raba taki ga manoman da suka yi rajista ranar Litinin a makarantar firamare."

Mataki na ɗaya, mu ja layi a ƙarƙashin lokaci da wuri. Lokaci: ranar Litinin. Wuri: a makarantar firamare. Dukansu suna ƙarshe.

Mataki na biyu, mu ƙirga aikatau da suka gabace su. Sanar, ɗaya. Raba, biyu. Yi rajista, uku.

Mataki na uku, mu gwada. Ya sanar ranar Litinin: ya zauna. Za a raba ranar Litinin: ya zauna. Sun yi rajista ranar Litinin: ya zauna, kuma shi ne ma fi kusa, shi ya sa dattijon nan ya ɗauke shi. Bai yi kuskuren ji ba. Abin da jimlar ta fi nunawa ya ji. Haka wurin yake: ana iya cewa a makarantar aka yi sanarwar, ko a can za a yi rabon, ko kuwa waɗanda suka yi rajista a can ne kaɗai za a ba, ban da waɗanda suka yi a ofishin ƙungiya.

Jimla ta biyu: "Bayan biyan kuɗi, buhunan za su fita." Mu tsaya a waƙafi mu tambaya, wa zai biya? Sunan da ya biyo baya shi ne buhuna, buhu kuwa ba ya biyan kuɗi. Mai biyan ba ya cikin jimlar. Ƙungiya ce za ta biya dillali kafin a saki kaya daga sito? Ko kowane manomi ne zai zo da kuɗinsa? Wanda ya ɗauki ma'anar farko zai zo hannu rabbana, ya sha layi, a ce masa ya koma gida ya kawo kuɗi.

Mataki na huɗu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa: kada ka yi gyara da ka. Idan ba kai ka rubuta ba, koma wurin mai maganar ka tambaye shi abin da yake nufi, domin idan ka zaɓi ma'ana da kanka kana iya goge harshen damo ka kafa ƙarya mai harshe ɗaya. Da aka tambayi masu sanarwar nan daga baya, ga abin da suke nufi: rabo ranar Litinin, a makarantar, ga duk mai rajista, kuma kowa zai biya nasa.

Mataki na biyar, sake gini. Kowane yanki a kai shi jikin mai shi, kowane aiki a ba shi mai yinsa, jimla mai aikatau uku a raba ta:

"Sanarwa daga shugaban ƙungiya. Ranar Litinin za a raba taki a makarantar firamare. Duk manomin da ya yi rajista yana da rabo, ko wace rana ya yi ta. Kowane manomi zai biya kuɗinsa kafin a ba shi buhunsa."

Ta ɗan fi ta farko tsawo, amma babu wanda zai ji ta ya zauna a gida alhali da sunansa a takarda.

Ina da kalma ta musamman ga 'yan'uwana masu fassara labarai. Jimlar labarin Turanci takan zo doguwa, a jera wanda ya faɗa, da abin da ya faɗa, da wanda abin ya shafa, sannan a jefo rana da wuri a wutsiya. Idan ka bi wannan jeri sawu da ƙafa, kai da kanka kake shigo da harshen damo cikin Hausa. Ajiye takardar, ka tambayi kanka: wa ya yi me, yaushe, a ina? Sannan ka faɗe shi yadda za ka faɗa wa maƙwabcinka a bakin ƙofa. A bakin ƙofa babu mai cewa "bayan biyan kuɗi buhunan za su fita." Cewa muke yi, "sai ka biya za a ba ka."

Dabara ta ƙarshe ba ta bukatar sanin nahawu ko kaɗan. Idan ka rubuta abin da mutane za su yi aiki da shi, miƙa wa wanda bai san zancen ba ya karanta. Kada ka tambaye shi ko ya gane, domin zai ce ya gane. Tambaye shi: yaushe za a yi? A ina? Wa zai yi? Idan amsarsa ta saɓa da abin da ke ranka, laifin ba nasa ba ne, jimlar ce ke bukatar gyara.

Ga aikin gida, jimloli uku. A rubuta. Ta ɗaya: "Hakimi ya gana da matasan da suka gyara hanya jiya." Ta biyu: "Bayan dawowarsa daga Makka, maigidansa ya ba shi jari." Ta uku: "Ana neman mai gadin gidan marayu mai tsoron Allah." Kowacce a nemo ma'anoninta, a faɗi ko ɓatan masauki ne ko maraici, sannan a sake rubuta ta sau biyu, kowace ma'ana da jimlarta. A mako mai zuwa za mu warware su tare, idan Allah ya kai mu.

Jama'a, magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi nisan tafiya, domin tana isa inda mai ita ba zai bi ta ya yi bayani ba. Kafin ka sa hannu a takarda, kafin ka tura saƙo, kafin ka miƙa sanarwa a karanta, ƙirga aikatau, ka tambayi wa ya yi, ka ajiye kowane yanki kusa da mai shi. Akwai wanda zai tashi ko ya zauna saboda abin da ka rubuta, ka ba shi magana mai harshe ɗaya.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu faɗi daidai, a ji mu daidai. Sai wani makon. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)